Ciwon da ke tashi bayan cin maiƙo: olsa ce, rashin narkewar abinci ne, ko tsakuwar maɗaciya?

Yayata ta yi kusan shekara biyu tana shan maganin olsa, kuma ba olsa gare ta ba. Ita ce ta biyu a ɗakinmu, shekararta 43, haihuwarta shida, tana da ɗan jiki masha Allah. Duk lokacin da abin ya tashi sai a aika yaro kemis ya karɓo omifirazol da farin ruwan nan mai kauri na ƙwannafi, ta sha, bayan awa uku ko huɗu ciwon ya lafa sai kowa ya ce ai ga shi magani ya yi aiki. Alhali ko ba ta sha komai ba a daidai wannan lokacin zai lafa, dan haka irin ciwon yake. Mu a wajenmu kusan duk ciwon da ya tsaya a saman cibiya sunansa olsa, shi ya sa masu tsakuwar maɗaciya da yawa suke daɗewa ba a gano su ba.

Ranar da abin ya fito fili washegarin babbar sallah ne. An wuni ana suya, ta ci soyayyen nama da kayan ciki da dare wajen ƙarfe tara, ta kwanta lafiyarta ƙalau, wajen sha ɗaya da rabi ciwo ya tashe ta. Da aka kira ni na same ta a durƙushe a bakin gado ta dafe ƙasan haƙarƙarinta na dama, gumi ya jiƙa mata riga, ta yi amai sau biyu amma ba sauƙi. Na ce Yaya nuna min inda yake, ta ɗora hannu a ƙahon zuci ta ja shi zuwa dama ta zagaya da shi baya, ta ce "ƙanwata har cikin allon kafaɗata nake jin shi, kamar an kafa min ƙusa ana murzawa." Na ce yana zuwa yana tafiya ne kamar murɗar ciki? Ta ce a'a, tunda ya kama bai saki ba. Wajen uku na dare ya fara sauka, da asuba ta tashi ta yi sallah kamar ba ita ba, sai ɗan tsami da ya rage a wurin.

Abin da ke faruwa a ciki ba wani mai wahalar fahimta ba ne, duk wanda ya taɓa gyaran kayan cikin rago ya san maɗaciya, 'yar jakar nan koriya da ke manne a jikin hanta wadda ake lallaɓawa a cire kar ta fashe ta ɓata nama. Tamu ma haka take, a ƙarƙashin hanta ɓangaren dama. Ba ita ke yin ruwan ɗacin ba, hanta ce ke yi, fiye da rabin lita a rana, ita maɗaciya ma'ajiya ce kawai, tana riƙe abin da bai wuce cokali uku na cin abinci ba tana kaurara shi. Da zarar maiƙo ya sauka daga tumbi zuwa farkon ƙaramin hanji sai hanjin ya aika mata saƙo ta matse kanta ta feso ruwan dan a narkar da kitsen. Toh idan akwai tsakuwa a ciki, wannan matsewar ce ke tura ta bakin jakar ta toshe, jaka na matsa ruwa ba hanyar fita, shi ne ciwon. Idan jakar ta saki tsakuwar ta koma ciki ciwo ya tafi. Kun ga dalilin da ya sa yake biyo bayan ƙosai da doya da ƙwai da farfesun jelar sa da man shanu, kuma dalilin da ya sa maganin olsa ba ruwansa da shi, shi aikinsa rage tsamin ruwan tumbi ne, ita kuwa matsalar ba a tumbi take ba.

Idan za a bambance su, ni agogo nake fara tambaya kafin wurin ciwon. Ciwon tsakuwa yana da farko yana da ƙarshe, mutum zai iya ce maka ƙarfe kaza ya kama ni ƙarfe kaza ya sake ni. Yana hawa da sauri cikin 'yan mintuna, ya tsaya cak a sama aƙalla rabin awa, galibi awa ɗaya zuwa huɗu ko biyar, sannan ya sauka a hankali. Tsakanin wannan da na gaba kuma mutum garau yake, sati biyu, wata uku, wani ma shekara. Rashin narkewar abinci ba ya da wannan tsarin, shi abokin zama ne, kusan kullum yana nan kaɗan kaɗan, ka ci loma biyar ka ji ka cika, ciki ya kumbura kamar ganga, gyatsa, zafi zafi a ƙahon zuci, wani lokacin ruwa mai tsami ya taso har maƙogwaro idan ka kwanta, wato ƙwannafi. Yana damun mutum amma ba ya hana shi magana ko zuwa kasuwa. Na tsakuwa kuwa yana tsayar da duk abin da kake yi, mutum ya kasa zama ya kasa kwanciya ya yi ta juyi yana neman yadda zai ji daɗi babu.

Sai abin da ke kawo sauƙi. Mai kumburin ciki idan ya yi gyatsa ko ya fitar da iska ko ya zaga bayi zai ji ya sassauta, mai ƙwannafi idan ya sha farin ruwan nan cikin 'yan mintuna zai ji sanyi. Mai gyambo, wato olsa, a farkon hanji shi yunwa ce ke tada masa ciwo, ya ci wani abu ya lafa. Ciwon tsakuwa duk waɗannan ba sa taɓa shi, ba gyatsa ba bayi ba canza kwanciya. Wuri kuma yana yaudara, dan mutane da yawa masu tsakuwa a tsakiya suke jin ciwon, daidai inda olsa take kama mutum, ba lallai a dama ba, abin da ya fi taimakawa shi ne zagayawar nan zuwa baya ko allon kafaɗar dama. Kuma kar a riƙe maganar maiƙo da ƙarfi sosai, dan mai rashin narkewar abinci ma maiƙo yana dagula masa ciki saboda kitse yana daɗewa a tumbi, sannan mai tsakuwa ciwon na iya tashinsa tsakar dare ba tare da ya ci wani abin kirki ba. "Maiƙo ba ya karɓa ta" shi kaɗai ba shaida ba ce.

Akwai dalili mai ƙarfi da ya sa bai kamata a yi ta canki-canka a gida ba. Allurar da aka fi yi wa mai ciwon tsakuwa a asibiti dikulofenak ce ko 'yan uwanta, tana aiki sosai. Amma wannan dangin maganin, har da ibufurofen da su garin maganin ciwon jiki da ake haɗawa a kemis, su ne kan gaba wajen huda tumbin mai gyambo ko sa shi zubar jini. Maganin wancan dafin wannan ne. Haka kuma dattijo ko mai ciwon suga ko hawan jini da ya ji nauyi a ƙahon zuci da gumi da ƙarancin numfashi, a fara tunanin zuciya tukunna a yi gwajin ta, ciwon zuciya yana shigar burtu da sunan olsa.

Yaya dai mun kai ta hoton ciki. An ce ta zo ba ta ci komai ba na awa 6 zuwa 8, kuma wannan ba tsarabe-tsarabe ba ne, idan an ci abinci jakar ta matse ta zama 'yar ƙarama ba a ganin cikinta da kyau, na san waɗanda suka karya da shayi da burodi suka je aka ce ba a ga komai ba. Sikanin ɗin nan na yau da kullum da ake yi wa masu ciki shi ne dai, yana kama tsakuwar da ke cikin jaka kusan kashi 95 cikin 100, amma hoton ƙashi na eksire ba ya nuna yawancinsu, kar a ɓata kuɗi a kansa. Nata ya nuna tsakuwoyi da yawa ƙanana, bangon jakar bai yi kauri ba, babban bututun da ke kai ruwan ɗaci hanji bai buɗe ba. A takardar sakamako waɗannan biyun ake dubawa bayan tsakuwar kanta, bango idan ya wuce milimita 3 ana zargin kumburi, bututu idan ya wuce kamar milimita 6 ana zargin wata ta gangara ta maƙale a can. An kuma ɗebi jini an duba lafiyar hanta, ya fito daidai.

A nan ne zan kawo maƙwabciyarmu, dan labarinta ne ya sa na ga ya kamata a yi wannan bayanin. Ita shekara da shekaru tana fama da kumburin ciki da gyatsa da ƙwannafi, da ta ji labarin Yaya sai ita ma ta je hoto, aka ga tsakuwa guda ɗaya, ta dawo da murna wai an gano ciwonta a cire kawai ta huta. Likitan fiɗa ya tambaye ta ko ta taɓa yin ciwon da ya durƙusar da ita na awa ɗaya ko fiye, ta ce a'a ita dai cikinta ne ba ya mata daɗi kullum. Ya ce mata Hajiya tsakuwar nan tana nan amma ban ga alamar ita ke damunki ba, idan na cire miki maɗaciya zai yi wuya kumburin nan ya tafi. Ta ji haushi a ranar, amma gaskiya ya faɗa mata. Kusan mutum 8 cikin 10 masu tsakuwa ba su ma san suna da ita ba har su koma ga Allah, a cikin masu tsakuwar da ba ta damunsu kaɗan ne, kamar 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara, suke fara ciwo. Ita kuma matsalar narkewar abinci ta cika gari, dan haka ba abin mamaki ba ne a samu biyun a jikin mutum ɗaya ba tare da ɗaya ce ta jawo ɗaya ba. Wani bincike da aka yi a asibitocin ƙasar Holan aka wallafa a 2019 ya nuna kusan mutum 4 cikin 10 da suka je da tsakuwa da ciwon ciki har bayan shekara guda suna jin wani ciwon, duk da cewa yawancinsu an yi musu aikin. Ita maƙwabciyar tamu an gwada ta aka samu ƙwayar cutar nan ta tumbi da ake kira H. pylori, aka ba ta magani na sati biyu, aka ce ta daina kwanciya nan take bayan cin abinci, tsakuwarta kuma tana nan ana barinta.

Yaya kuwa lissafinta daban ne. Wanda ya taɓa yin ainihin ciwon tsakuwa sau ɗaya, kusan biyu cikin uku zai dawo musu cikin shekara biyu, ita kuma ta yi ya fi sau goma. Sannan tsakuwoyinta ƙanana ne, mutane suna ɗauka babba ce abin tsoro, amma ƙananan su ne ke iya sulalewa su fita daga jaka su shiga babban bututu su toshe shi, ko su tsaya a mahaɗar da yake haɗuwa da bututun fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, su kumbura ta, kuma wannan ciwo ne da ke iya kai mutum ɗakin kulawa ta musamman. Likitan ya ce mata zaɓi biyu ne, ko a sa rana a yi aiki cikin natsuwa tana da lafiyarta, ko ta ci gaba da kiyaye maiƙo tana jira da sanin cewa wata rana ana iya yin aikin cikin gaggawa jaka a kumbure, wanda ya fi wuya ga likita ya fi haɗari ga mara lafiya. Wanda sau ɗaya tak ya taɓa yi, ba mai tsanani ba, kuma asibiti na kusa da shi, idan ya ce zai jira ya gani bai yi wauta ba, dan akwai kusan kashi ɗaya cikin uku da ba ya sake dawo musu. Amma wanda ke ƙauye mai nisa da inda ake fiɗa, ko mai ciwon suga wanda kumburin kan yi masa muni ba tare da ya ji zafi sosai ba, inaga jiran ba ribarsa ba ce.

Akwai kuma inda zancen zaɓi ya ƙare. Ciwon da ya wuce awa shida bai sauka ba, ga zazzaɓi, idan an danna ƙasan haƙarƙarin dama aka ce ja numfashi sai numfashin ya katse dan zafi, wannan jakar ce ta kumbura, asibiti za a tafi a daren, kuma yanzu an fi son a cire ta cikin satin farko, in da hali ma cikin kwana uku, maimakon tsohon tsarin a jira sati shida. Ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kalar shayi ba madara, bayan gida ya yi fari fari, jiki na ƙaiƙayi, tsakuwa ta toshe babban bututu ke nan. Wannan ne ya fi ba ni tsoro a wajenmu, dan da an ga ido rawaya sai a ce shawara ce a shiga jiƙe-jiƙe, har da masu cewa wai shawara ba ta son allura. Toshewa ce fa, ba saiwar da za ta buɗe ta, idan kuma zazzaɓi da rawar sanyi suka haɗu da rawayar idon da ciwon to ƙwayoyin cuta sun shiga ruwan da ya taru, mutum na iya tafiya cikin kwana ɗaya ko biyu. A irin wannan ana zura na'ura ta baki har hanji a ciro tsakuwar daga bututun, aikin da ake kira ERCP, wanda ba kowane asibiti ke yi ba sai manya, daga baya a cire jakar. Ciwo mai tsanani a tsakiya da ke huda har gadon baya da amai ba tsayawa kuma fankiriyas ake zargi.

Masu sikila nasu daban ne kuma ya shafe mu sosai. Tsakuwar yawancin mutane daga kitsen kolestarol take, tasu kuwa baƙa ce, daga launin da ke fita idan jajayen ƙwayoyin jini suna saurin fashewa, shi ya sa za ka ga yaro ɗan shekara 12 siriri da tsakuwa. Matsalar ita ce duk ciwon cikin da ya yi sai a ce ciwonsa ne ya tashi, idonsa kuma dama yana ɗan yin rawaya, sai abin ya ɓuya. Idan mai sikila yana yawan ciwo a dama bayan cin abinci a roƙi a yi masa hoto, aikinsu kuma yana son shiri na musamman, ƙarin ruwa, iskar oksijin, wani lokacin ƙarin jini kafin a shiga.

Tambayar da Yaya ta fara yi ita ce wadda kowa ke yi, me ya sa ba za a kwashe tsakuwar a bar mata jakarta ba. Amsar ita ce jakar ce ke ƙera su, in an bar ta za ta sake. Maganin narkarwa akwai shi, amma sai ƙananan tsakuwoyin kolestarol yake ci, ana shan shi wata shida zuwa shekara biyu, kuma kusan rabin waɗanda ya yi wa aiki tsakuwar na dawowa cikin shekara biyar, ba ya taɓa irin ta masu sikila sam. Shi kuma haɗin man zaitun da lemon tsami da ake yaɗawa wai yana wanko tsakuwa, korayen ƙwallayen da mutum ke gani a bayan gida ba daga maɗaciya suke ba, man ne da ruwan lemon suka dunƙule a hanji kamar sabulu, je ka sake hoto za ka tarar da kayanka suna nan. Kuma ka duba fa, rabin kofi na mai a lokaci ɗaya ga mai tsakuwa, ai tsokanar ciwon ne da hannunka.

Shi aikin ba sabo ba ne, tun 1882 wani likita Carl Langenbuch ya fara cire maɗaciya a Balin, a 1985 kuma Erich Mühe ya fara yin ta da kyamara, duk a Jamus. Na kyamarar, lafaroskofi, ana huda ƙananan ƙofofi uku ko huɗu, a hura iska a ciki, a ɗaure bututun jakar da jijiyar jininta a ciro ta, mutum ya koma gida a ranar ko washegari, cikin sati biyu ya koma harkokinsa. Na yankan kuma ana tsaga ƙasan haƙarƙarin dama, kwana uku zuwa biyar a gado, sati huɗu zuwa shida kafin a ɗauki abu mai nauyi. Na kyamara ya fi sauƙin jinya amma ya fi tsada kuma ba ko'ina ake da kayan ba, kuma ko an fara da kyamara likita na iya komawa yanka idan ya tarar wurin ya manne ba ya gani da kyau, wannan ba kuskure ba ne, taka-tsantsan ne. Haɗarin da likitoci suka fi tsoro shi ne a ji wa babban bututun rauni, yana faruwa ga kamar mutum 3 zuwa 5 cikin 1000, gyaransa kuma babban aiki ne, dan haka ni a ganina gara ƙwararren da ya saba da yanka a kan wanda ke koyon kyamara a kanka, kuma ba rashin kunya ba ne ka tambayi likita sau nawa yake yin wannan aikin. Mai juna biyu idan abin ya matsa ana iya yi mata, an fi so a watanni ukun tsakiya.

An yi wa Yaya nata da kyamara wata biyu bayan sallar, ta kwana ɗaya. Abin da ya ba ta mamaki kafaɗarta ce ta yi ta ciwo kwana biyu, saboda iskar da aka hura, har ta ɗauka tsohon ciwon ne ya dawo. Sai kuma bayan gida da ya ɗan saki na 'yan makonni musamman in ta ci mai, dan yanzu ruwan ɗacin yana ɗiga hanji kai tsaye ba ma'ajiya, ga yawancin mutane yana daidaita da kansa, kaɗan ne yake daɗe musu har su nemi magani. An ba ta tsakuwoyin a 'yar kwalba, goma sha bakwai, rawaya rawaya kamar tsabar masara, tana nuna wa duk wanda ya zo dubiya. Wancan ciwon na tsakar dare bai sake dawowa ba. Ƙwannafi kuwa har yanzu takan yi shi idan ta cika yaji a miya, dama likitan ya gaya mata tun kafin a shiga cewa wannan ba ya cikin abin da zai cire.